Hul'i ba na matar da aka cutar ba ne

A Katsina, idan aure ya ƙi daɗi kuma miji ya rantse ba zai rubuta takarda ba, shawarar da mace ta fi samu ita ce ta je kotu ta mayar masa da sadakinsa ta huta. Iyaye haka suke cewa, ƙawaye ma haka, kuma sau da yawa da kyakkyawar niyya ake faɗa, don kowa ya gaji da yaji da biko. Ni dai ina ganin wannan shawara ta jawo wa mata da yawa asarar da shari'a ba ta ɗora musu ba. Hanyoyi uku ne aure yake mutuwa ta hannun mutane: sakin da miji yake yi, hul'in da mace take nema da fansa, da rabawar da alƙali yake yi. Mun haɗa na biyu da na uku mun mai da su abu ɗaya, har ta kai duk matar da ta taka kotu da ƙafarta ana ɗauka biya ta zo yi.

Sakin miji kowa ya san shi, ba sai na daɗe a kansa ba. Igiya uku ce. Idan ya saki ɗaya ko biyu bayan an tare, yana da damar kome muddin idda ba ta cika ba, ba tare da sabon sadaki ko izinin waliyyi ba. A cikin iddar nan ci da sha da wurin kwana suna kansa, kuma idan ɗayansu ya rasu ɗayan zai ci gadonsa. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada a fitar da su daga gidajensu, amma mu nan takarda da akwati tare suke fita. Abin da nake so a riƙe game da saki shi ne, miji ba ya karɓar ko kwabo. Shi ya ga dama ya saki, don haka sadaki ya zauna wa matar, kayan ɗakinta kuma dama nata ne.

Hul'i daban ne. Asalinsa a aya ta 229 ta Suratul Baƙara yake, da kuma labarin matar Sabitu ɗan Ƙaisu da Buhari ya ruwaito. Ta zo wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta ce ba ta zargin mijinta a addininsa ko halinsa, zaman ne kawai ba za ta iya ba. Aka tambaye ta ko za ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, ta ce za ta mayar, aka ce da shi ya karɓi gonarsa ya sake ta. A lura da abin da ta fara faɗa: ba ta da ƙorafi a kansa. Wannan ita ce matar da aka yi hul'i dominta, wadda mijinta yake ciyar da ita, bai dake ta ba, bai zagi iyayenta ba, amma zuciyarta ta ƙi shi. Tunda ita take son fita kuma shi bai yi laifi ba, adalci ne kada ya rasa mata ya rasa dukiya.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke hukunci da ita, hul'i saki ɗaya ne ba'ini. Igiya ɗaya ta tafi, kuma babu kome. Ko da gari ya waye mijin ya yi nadama, ba shi da ikon cewa ya mayar da ita, sai ya bi layin manema: yardarta, waliyyi, shaidu, sabon sadaki. Iddarta tsarki uku ce kamar ta kowace sakakkiya. Akwai malaman da suke ganin jini ɗaya ya wadatar wa mai hul'i, kuma ana jin wannan a wasu majalisun karatu a cikin gari, amma wanda zai ɗaura wa 'yarsa sabon aure ya sani cewa idan rigima ta kai gaban alƙali da ma'aunin Malikiyya za a auna. A cikin iddar tana da haƙƙin wurin zama, ba ta da ciyarwa sai idan tana da ciki, kuma babu gado tsakaninsu.

To ina matar da aka cutar? Ita ƙofarta ta uku ce, kuma ba a biyan kuɗi a bakinta. Malikiyya sun fi sauran mazhabobi faɗaɗa wannan ƙofa. Idan mace ta tabbatar wa alƙali cewa mijinta yana cutar da ita cutarwa bayyananna, alƙali zai umarce shi ya saki, idan ya ƙi alƙali ya sakar masa. Saki ɗaya ne ba'ini, kamar hul'i, don da an bar masa kome da ya mayar da ita washegari an koma gidan jiya. Bambancin shi ne ta fita da sadakinta. Malamai sun lissafa abin da ake kira cutarwa: duka mai ciwo, zaginta da zagin iyayenta, ƙaurace mata da magana, juya mata baya a shimfiɗa ba da dalili ba. Sun kuma faɗi abin da ba cutarwa ba ne, kuma gara mata su ji shi tun yanzu: yi mata kishiya shi kaɗai ba dalili ba ne, haka hana ta yawon biki. A Muhtasar na Halilu, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce ba sai shaidu sun tabbatar an maimaita cutarwar ba. Sau ɗaya, idan ta bayyana, ta isa.

Bari mu ɗauki misali, don a ga inda kuɗin yake sulalewa. A ce wata yarinya a Ƙofar Marusa an yi mata aure a kan sadaki naira 150,000. Mijin ya yi lefe na kusan 900,000, ga kuɗin gaisuwar iyaye da sauran hidima. Shekara uku da aure, da ɗa ɗaya. Tun shekara ta biyu ya fara dukanta. Maƙwabta suna jin kukanta ta katanga, sau biyu mai unguwa ya zaunar da su, sau ɗaya an kai ta asibiti an ɗinke mata goshi. Ta yi yaji, ta ce ba za ta koma ba. Shi kuma ya aika cewa ba zai sake ta ba, idan tana son takarda ta biya shi duk abin da ya kashe, naira 1,500,000.

Idan ta shiga kotu ta ce, "Allah ya gafarta malam, ni dai ba na son auren, a raba mu," ta buɗe shari'ar hul'i da bakinta. Daga nan magana ta koma ta ciniki: nawa ya ba ki, nawa za ki iya. Shi zai zaro lissafinsa, har da kuɗin motar 'yan kai amarya. Ko da alƙali ya yi watsi da yawancin lissafin ya tsaya a kan sadaki kaɗai, sai ta nemo 150,000. Za ta sayar da gado da katifa, ko ubanta ya sayar da tunkiyar da yake kiwo don layya, a kai wa wanda ya fasa mata goshi. Idan kuwa ta ce, "Yana dukana, ina neman a raba mu saboda cutarwa, ga shaiduna," shari'ar ta zama wata daban. Yanzu abin da ke gaban alƙali shi ne ko dukan ya tabbata. Idan ya tabbata, lissafin 1,500,000 ba shi da wurin shiga ko kaɗan. Mace ɗaya ce, miji ɗaya, tabo ɗaya a goshi, amma jimlar farko da ta furta ce ta raba tsakanin biya da rashin biya, kuma yawancin matan da suke zuwa ba wanda ya taɓa gaya musu haka.

Za a ce ai tabbatar da cutarwa wuya gare shi, don abu ne da ake yi a cikin ɗaki bayan an rufe ƙofa. Gaskiya ne, kuma malaman Malikiyya sun san da haka tun kafin mu. Shi ya sa ba su tsaya ga shaidu biyu da suka gani da ido ba. A Tuhfa ta Ibnu Asim, littafin da alƙalanmu suka fi buɗewa, an ce cutarwa tana tabbata da shaidu ko kuma da jin da ya yaɗu a cikin jama'a. Wato adilai su zo su ce sun daɗe suna ji daga mata da maƙwabta da masu shiga gidan cewa wane yana cutar da matarsa. A misalinmu, maƙwabcin da yake jin ihu, da mai unguwar da ya yi sulhu sau biyu, su ne shari'ar tata. Katin asibiti zai ƙarfafa maganarsu. Matsalar da ake samu a nan ta mu ce, ba ta littafi ba: maƙwabci ba ya son a gan shi a kotu yana shaida a kan wanda suke sahu ɗaya a masallaci. Zai ce shi ba ya shiga tsakanin miji da mata, alhali shirunsa ya riga ya shiga, kuma ɓangaren mijin ya shiga.

Idan shaidu sun gagara, nan ma ba a kai ga hul'i ba tukuna. Akwai matakai biyu da littattafai suka shimfiɗa waɗanda muka kusa mantawa da su. Na farko, idan ƙorafi ya yawaita babu hujja, alƙali ya sa a zaunar da su a tsakiyar mutanen kirki da za su sa ido su ga wane ne mai laifi. Na biyu shi ne na aya ta 35 a Suratun Nisa'i: a tura masu hukunci biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. A wurin Malikiyya waɗannan biyun ba 'yan aike ba ne kawai. Za su fara da sulhu. Idan ya gagara, suna da ikon raba auren ko da miji bai yarda ba. Idan suka ga laifin nasa ne, su raba babu biya. Idan nata ne, su raba da fansa, ko su bar ta a hannunsa idan sun ga hakan ya fi. Idan kowa yana da nasa kason, mafi yawan malamai sun ce za su iya yanke wani abu gwargwadon yadda suka gani. Wannan tsari ya fi dacewa da mu fiye da kowane, don kawun yarinya da baffan yaro sun san abin da alƙali ba zai taɓa sani ba daga kan kujerarsa. Amma yana cin lokaci, ga shari'u jibge, sai a bi gajeriyar hanya.

Yanzu ga hukuncin da na fi so kowace uwa a Katsina ta sani. A ce yarinyar nan ta riga ta biya. Ta gaji, ta sayar da kayan ɗaki, ta miƙa 150,000, ta karɓi takarda. Magana ta ƙare? A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan tun kaka da kakanni, an ce mace tana iya fansar kanta da sadakinta ko ƙasa da shi ko sama da shi, matuƙar ba don cutarwa ba ne. Idan don cutarwa ne, za ta karɓi abin da ta bayar, kuma hul'in ya hau kansa. Wato kuɗinta ya dawo, auren kuma bai dawo ba. Hujjar da ake nema a nan ma ta fi sauƙi, saboda yanzu maganar dukiya ake yi: shaidar ji ta isa, haka shaida namiji ɗaya ko mata biyu tare da rantsuwarta. Tushen wannan yana aya ta 19 a Suratun Nisa'i, inda aka hana maza ƙuntata wa mata don su ƙwace wani abu daga abin da suka ba su. Mijin da ya iya lissafi, wanda ya gaji da mace amma ba ya son asarar sadaki, sai ya matsa mata har ta nemi fita da kanta, shi ne wanda ayar take magana a kansa. Abin da ya karɓa haram ne a gare shi ko da takardar kotu a aljihunsa.

Ba na cewa duk mai kuka gaskiya gare ta. Akwai wadda tun kafin a ɗaura tana da wanda take so, ta shiga wata biyu ta tayar da ƙayar baya, ta fita da akwatunan lefen da saurayi ya shekara uku yana tarawa. Irin wannan hul'i ne hukuncinta, kuma idan an nemi ta ƙara wani abu a kan sadaki ba zan ce an zalunce ta ba, tunda mazhaba ta halatta, ga shi kuma a al'adarmu sadaki shi ne ƙaramin abin da ango yake kashewa. Amma wanda ya zauna da mace shekara takwas, ta haifa masa huɗu, atamfofin lefe sun zama tsumman goge ɗaki, sannan ya zo yana lissafin kuɗin goron ɗaurin aure, wannan ba fansa yake nema ba. So yake ya sa farashin da ba za ta iya biya ba don ta zauna a rataye, ba ta da miji ba ta da damar yin wani. Nan ne ya kamata alƙali ya miƙa maganar ga masu hukunci biyu ko ya tsayar da abin da hankali zai ɗauka.

Rabawar alƙali ba a kan duka kaɗai ta tsaya ba, kuma ba duka hukuncinta ɗaya ba. Rashin ciyarwa dalili ne, muddin ba ta aure shi tana sane da cewa ba shi da komai ba. Alƙali zai ba shi wa'adi gwargwadon yadda ya gani, idan bai kawo ba a saki. Sai dai wannan sakin na kome ne: idan ya samu abin ciyarwa kafin idda ta cika, yana iya mayar da ita. Haka wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, bayan wata huɗu a ce ya koma ko ya saki, shi ma yana da kome. Waɗannan biyun su ne suka fita daga ƙa'idar cewa sakin alƙali ba'ini ne. Matar da aka raba saboda ciyarwa ta yi hattara, kada a fara karɓar gaisuwar wani bazawari tun idda ba ta cika ba. Wanda ya kasa kusantar iyali saboda lalura ana ba shi shekara guda. Wanda ya tafi ci-rani ta Agadas aka daina jin ɗuriyarsa, idan ya bar abin da za a ciyar da ita, jiran shekara huɗu ne bayan ta kai ƙara an neme shi ba a samu labarinsa ba, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Idan bai bar komai ba, ba sai ta jira shekarun nan ba, ta bi ta ƙofar rashin ciyarwa. Da yawa suna zaune shekara da shekaru ba su san wannan ba.

Akwai kuma auren da tun asali bai ɗauru ba, kamar a gano cewa ma'auratan sun sha nono ɗaya, ko an ɗaura tana cikin iddar wani. Wannan rushewa ake yi, ba a lissafa shi cikin igiyoyi uku. Wanda malamai suka yi saɓani a kan ingancinsa, kamar auren da aka ɗaura babu waliyyi, idan an rushe shi ana lissafa shi saki ɗaya.

Sai maganar yara, inda ake yawan yi wa mata barazana. Ko saki ne, ko hul'i, ko rabawar alƙali, riƙon yaro na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. Idan uwar ta yi aure da wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yakan koma ga kakarsa ta wajen uwa kafin a zo kan uba. Ciyar da su kuma yana kan uba a kowane hali. Hul'i shi kaɗai ba ya kayar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake kayar da su shi ne sharaɗin da aka cusa a cikin yarjejeniyar, inda za a ce ta yafe riƙo ko ta ɗauki nauyin ciyar da jariri har yaye a matsayin fansa. Macen da ta ƙosa ta fita takan ce ta yarda da komai, sai bayan wata shida ta gane abin da ta sa wa hannu. Duk wanda ya raka 'yarsa kotu ya nemi a karanta masa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya kafin a dangwala.

Abin da nake nema ba sabuwar doka ba ce. Tun shekarar 2000 muke da kotunan shari'a a jihar nan, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin duba hukuncin da ya shafi aure da rabuwarsa. Littattafan suna nan a kan teburin kowane alƙali. Ina roƙon alƙalanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, duk matar da ta zo neman rabuwa, kafin a ambaci ko naira ɗaya, a tambaye ta dalili, a tambaye ta ko ana dukanta, ko ana ciyar da ita, a rubuta amsarta a littafin kotu, a kuma gaya mata a fili cewa idan ta kawo shaida ba za ta biya ba. Idan ta ji ta ce ita dai ta fi son ta biya ta tafi yau, don ba za ta iya jelar wata uku ba, wannan zaɓinta ne, kuma akwai matan da za su zaɓi hakan da idonsu biyu. Masu sulhu na Hisba da masu unguwanni su ma su riƙa rubuta abin da aka kawo musu da ranar da aka kawo, don wata rana wannan takardar ita ce za ta tsaya wa mace a gaban alƙali. Takardar rabuwa kuma ta faɗi wace iri ce: saki na kome ne, hul'i ne a kan nawa, ko rabawa ce saboda cutarwa, kuma igiya ta nawa ce ta tafi. Limamin da za a kawo wa ita bayan wata uku don ya ɗaura sabon aure da abin da ke rubuce a cikinta zai yi aiki.